Me kuɗin inshorar lafiya ta ƙungiyarmu yake saya mana?

"Ina ɗan taɓa sana'ar saye da sayarwa, maigidana kuma manomi ne. Mu shida ne a gida, mun biya kuɗin asusun lafiya na ƙungiyarmu shekara guda. Sau biyu aka ce mini babu magani, in je in saya a waje, da aka yi maganar tiyata kuma aka ce ba ta ciki. Yanzu lokacin sabuntawa ya zo. Me ainihi kuɗin nan yake saya, kuma in sake biya?"

Malama, kuɗin da kika biya ba ajiya ba ne, kuma ba naki ba ne tun ranar da aka ba ki rasit. A adashi kowa ya zuba ya san ranar ɗaukarsa na zuwa. A nan kuwa mai ɗauka shi ne wanda ciwo ya kwantar, wanda ya shekara lafiya lau ba a mayar masa da komai. Abin da kika saya alkawari ne: idan ɗaya daga cikin ku shida ya kamu da wani ciwo da ke cikin jerin da aka rubuta, ya je asibitin da aka ƙulla yarjejeniya da shi, cikin watannin da katinsa ke aiki, asusu zai biya. Kowane ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan uku na iya hana a biya miki, amma abin da ya fi su duka ƙarfi shi ne girman asusun kansa. Shi ke yanke tsawon jerin nan, ba kirkin shugabannin ƙungiya ko rowarsu ba. Don haka bari mu bi kuɗin daga hannunki har inda ya ƙare.

Zan ɗauki lambobi na misali don lissafin ya fito fili, ke kuma sai ki musanya su da na ƙungiyarku. A ce mutum 2,000 ne suka shiga, kowa na biyan 3,000 a shekara, ko da wane irin kuɗi ne. Asusu ya tara 6,000,000. Kafin ko ƙwayar magani ɗaya ta fita, akwai mai karɓar kuɗi da za a ba ladansa, da buga kati, da littattafan rajista, da mai zuwa asibiti yana duba takardun da aka caje. A ce wannan ya ci 900,000, wato kashi 15 cikin ɗari, wanda ga ƙaramin asusu ba almubazzaranci ba ne. A ware 300,000 don ko-ta-kwana. Saura 4,800,000, wato 2,400 a kan kowane mutum. Wannan 2,400 ɗin shi ne kuɗin magani na gaskiya da 3,000 ɗinki ya zama.

Mafi yawansa yana tafiya ne a ƙananan ciwuka: zazzaɓi, gudawa, tarin yara, ɗan rauni da za a wanke a ɗaure. Wani ba ya zuwa asibiti ko sau ɗaya a shekara, wani yaro kuma sai an kai shi sau biyar. A ce idan aka haɗa duka an je sau 3,000, kowane zuwa da ganin ma'aikaci da gwaji da magani ya ci 1,000. Kin ga 3,000,000 sun tafi. Sai haihuwa 60 da aka yi lafiya, kowace 10,000, wato 600,000. Sai mutum 60 da aka ba gado na kwana biyu ko uku, kowa 15,000, wato 900,000. Abin da ya rage 300,000 ne. Idan fiɗa don ciro jariri tana cin 60,000, wannan ragowar za ta ɗauki mata biyar. Ta shida sai an taɓa kuɗin ko-ta-kwana, kuma har yanzu ba a yi maganar karaya ba, ko tiyatar ƙaba, ko wanda mota ta buge.

Daga nan amsar da aka ba ki game da tiyata ta fito. Kwamitin da ya yi wannan lissafin hanya uku gare shi: ya cire tiyata baki ɗaya, ko ya bar ta haihuwa kaɗai, ko ya sa mata iyaka, ya ce asusu zai biya har zuwa kaza, abin da ya haura naki ne. Haka ciwon da ba ya warkewa. Mai hawan jini da ke shan maganin 1,500 duk wata zai ci 18,000 a shekara, wato duk abin da mutum shida suka zuba. Idan irinsa 100 ne a ƙungiya, 1,800,000 ke nan, daidai da duk abin da aka tanada don haihuwa da kwanciya da tiyata a haɗe. Shi ya sa za ki ga an rubuta cewa za a auna jini kyauta amma maganin wata-wata ba ya ciki. Abin yana mini ciwo, domin dattawan da suka fi kowa bukata su ne ake bari a waje, amma asusun mutum 2,000 da ba ya samun tallafi daga ko'ina ba zai iya ɗaukar su ba, ko da mutanen kirki ne ke riƙe da shi.

A nan nake da ra'ayi mai ƙarfi, kuma ba kowa a wannan aiki ne ya yarda da ni ba. Ku shida kun biya 18,000. A shekarar da babu babbar matsala, za ku je asibiti kamar sau tara, an yi muku hidimar 9,000. In a nan asusun ya tsaya, ba inshora kika saya ba, kin biya kuɗin maganin zazzaɓi ne tun kafin zazzaɓin ya zo, kuma kin biya da tsada. Zazzaɓin 1,000 ba ya karya jarin 'yar kasuwa. Abin da ke karya shi shi ne daren da aka ce a kawo 60,000 kafin a shiga da mara lafiya ɗakin tiyata. A daren ne ake kwashe kuɗin sari, ake sayar da dabbar da ake kiwo ga duk wanda ya fara tayawa, ko manomi ya karɓi kuɗi a kan amfanin da bai ma girbe ba, a farashin da mai kuɗin ya ga dama. Asarar ba ta tsayawa a kan 60,000 ɗin, domin jarin da ya tafi shi ne ke kawo cinikin gobe. Asusun da ya fi amfani ga mai ƙaramin jari shi ne wanda ya tsaya miki a wannan daren, ko da zai sa ki biya wani ɗan abu da hannunki duk sanda kika je don ƙaramin ciwo. Sai dai mutane sun fi son asusun da za su ga amfaninsa duk wata, kwamitoci kuma suna bin abin da zai sa a sabunta, sai a cika jerin da ƙananan abubuwa a bar babban.

An taɓa gwada ɗaya hanyar. A Bwamanda, a ƙasar Kongo, an kafa wani asusu a 1986 wanda kwanciya a babban asibiti ya sa a gaba. Mara lafiya na biyan kashi 20 cikin ɗari na kuɗin asibitin, asusu ya ɗauki sauran. An ɗaure shi da sharuɗɗa uku da har yau ake koyi da su: ana karɓar kuɗi sau ɗaya a shekara, lokacin da manoma suka sayar da amfanin gona; gida ne ke shiga gaba ɗaya, ba mutum ɗaya ba; kuma ba a zuwa babban asibiti sai ƙaramin asibiti ya tura mutum. Sharuɗɗan nan su ne mutane ke ƙorafi a kansu a ko'ina, kuma su ne ke hana asusu mutuwa.

Dubi na shigar gida gaba ɗaya. In aka bar kowa ya zaɓa, maigida zai sa mai ciki da tsoho da yaron da ba ya rabuwa da ciwo, ya bar samarin da ke da ƙarfi. Ba mugunta ba ce, kowa ma haka zai yi. Amma koma kan lissafinmu ki ga abin da ke faruwa idan masu lafiya suka janye. A ce shekara ta zagayo, mutum 600 suka ce mun biya bara ba mu ga komai ba, suka ƙi sabuntawa. Kuɗin shiga ya faɗo daga 6,000,000 zuwa 4,200,000. Su waɗannan 600 ɗin da ma ba masu yawan zuwa asibiti ba ne, a ce duka-duka sau 300 suka je bara. Asusu ya rasa 1,800,000, abin da aka sauke masa kuwa 300,000 ne kacal. Kuɗin tafiyar da ofis bai ragu ba, yana nan a 900,000. Ƙananan ciwuka za su ci 2,700,000. Saura 600,000, kuɗin haihuwa kaɗai, babu na kwanciya, babu na tiyata, babu na ko-ta-kwana. Kwamiti zai ƙara kuɗin shiga ko ya rage jeri, duk wanda ya yi kuma wasu masu lafiyar za su sake fita. Da yawa daga cikin ƙananan asusun da suka rushe ta wannan hanyar suka bi, ba tare da kowa ya saci ko sisi ba. Wa'adin jira da ake sa wa sabon shiga, wata ɗaya ko fiye, da wanda ya fi tsawo da wasu ke sa wa haihuwa, duk don toshe wannan ƙofar ne, kada mutum ya jira sai ciwo ya kama shi sannan ya zo da kuɗinsa.

Yanzu maganar "babu magani, je ki saya a waje", wadda a ganina ita ce ta fi kowace matsala kashe wa mutane gwiwa. Kina tsaye a tagar ba da magani, katinki a hannu, takardar likita da abu uku a rubuce. Aka ba ki na rage zafi, aka ja layi a kan sauran biyun. Wani lokaci ma kina kallo wanda ke bayanki ya miƙa tsabar kuɗi aka ɗauko masa irin wanda aka ce miki babu. Kafin ki yi fushi da mai tagar, ki binciki yadda ƙungiyarku ke biyan asibitin, domin amsar tana can.

Hanya biyu ce aka fi bi. Ta farko, a riƙa ba asibitin kuɗi tsayayye a kan kowane mai kati, ya zo ko bai zo ba. A misalinmu 1,500 a shekara ne, wato 125 a wata, sau 2,000, asibitin na karɓar 250,000 duk wata. Amfanin wannan shi ne asusu ya san abin da zai kashe. Illarsa kuma, duk maganin da aka ba ki daga cikin 250,000 ɗin yake fita, don haka asibitin na samun rara idan ya ba ki kaɗan, ko ya tura ki waje, ko ya yi saurin tura ki babban asibiti. Idan kuma farashin magani ya tashi a tsakiyar shekara, 125 ɗin na nan yadda yake. Hanya ta biyu, asibitin ya yi aiki ya rubuta, ƙarshen wata ya kawo takarda a biya shi. A nan illar ta juya: gwaje-gwaje su yi yawa, a rubuta magani huɗu inda biyu sun isa, asusu ya ƙare kafin shekara. Kuma idan biyan ya makara wata uku ko huɗu, asibitin ba shi da abin da zai sake saro magani, sai ya ajiye ɗan abin da ya rage don masu biya nan take. Mai kati ya koma wanda ake ganinsa kamar mai cin bashi, alhali shi ne ya riga kowa biya.

Kina iya gane wanne ne ya same ku. In maganin babu shi ga kowa, da mai kati da mai kuɗi, matsalar sarowa ce daga sama. In akwai ga mai kuɗi babu ga mai kati, to ko dai ƙungiya na da bashin asibiti a kanta, ko kuɗin da ake ba shi a kan kowane mutum ya yi kaɗan. In kuma an ce maganin akwai amma ba ya cikin jeri, ki nemi a nuna miki jerin a rubuce. Kowane asusu na gaskiya yana da shi, kuma yawanci magungunan da ke ciki su ne marasa tambarin kamfani mai tsada, waɗanda aikinsu ɗaya ne da masu tsadar idan daga hanya mai kyau aka saro su. Tambayar da za ki yi wa sakataren ƙungiya guda ce: wane wata ne na ƙarshe da aka biya asibiti? Sannan ki tambaya ko ana mayar wa mutum kuɗinsa idan ya sayi maganin da ke cikin jeri a waje. Wasu asusun suna yi in an kawo rasit da takardar likita mai hatimi cikin 'yan kwanaki, mutane da yawa kuma ba su sani ba, suna jefar da rasit ɗin a ƙofar kemis.

Akwai kuma abin da kusan babu asusun da ke biya, ya kamata ki sa shi a lissafinki tun yanzu: kuɗin mota zuwa asibiti, abincin mai jinya, da ranakun da aka rasa. Wannan na ƙarshe ya fi taɓa ki fiye da ma'aikacin albashi. In kika rufe sana'a wuni guda kina layi don a ba ki maganin 1,000, cinikin da kika rasa na iya fin maganin. Shi ya sa 'yan kasuwa da yawa suna da kati a aljihu amma kemis suke zuwa, daga baya su ce asusu bai amfane su ba. Ga manomi kuma, kwanciyar mako biyu a lokacin shuka ko noman farko asara ce da ba ta cikin kowace takardar asibiti. Akwai wani nau'in ƙaramar inshora da ke ba mutum tsayayyen kuɗi a kan kowane dare da ya kwana a asibiti, don cike irin wannan giɓin, amma wani abu ne dabam, da kuɗinsa dabam.

Lokacin biya ma yana canza abin da kuɗin ke saya. Manomi kuɗinsa na zuwa ne sau ɗaya ko biyu a shekara, in aka nemi ya sabunta a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma taki ya cinye abin hannu, katinsa zai mutu daidai sanda sauro ya fi yawa. Ke kuma kuɗinki kullum yake shigowa kaɗan-kaɗan, 18,000 a dunƙule kuwa daga jari za su fita. Biyan wata-wata ya fi miki sauƙi, amma yana da tarko: in kika tsallake wata biyu, wasu asusun suna ɗaukar ki sabuwar shiga, wa'adin jira ya sake farawa. Tun da gidanku ya haɗa duka biyun, abin da ya fi shi ne ku biya na shekara a dunƙule bayan girbi, ke kuma ki riƙa ware wani abu daga ciniki don ɗan kason da ake biya a taga da kuɗin mota.

Idan kin ji ana yabon ƙasashen da wannan tsari ya yi nisa, ki lura da abin da suka ƙara a kan kuɗin mambobi. Ruwanda ta fara gwaji a 1999 a gundumomi uku. A 2011 aka raba kuɗin shiga gwargwadon ƙarfin gida: faran 2,000 ga marasa ƙarfi, wanda gwamnati ke biya musu, 3,000 ga matsakaita, 7,000 ga masu hali. A lokacin, mai kati na biyan faran 200 a ƙaramin asibiti, da kashi 10 cikin ɗari a babba. A 2015 kuma aka ɗauke riƙon asusun daga hannun gundumomi aka damƙa wa hukuma ɗaya ta ƙasa. Gana ta yi dokar inshorar lafiya a 2003, ta tattara ƙananan asusun gundumomi ƙarƙashin tsari ɗaya, ta ɗora harajin kashi 2.5 cikin ɗari a kan kayan saye da hidimomi don ciyar da shi. Habasha ta fara nata gwajin a 2011 a gundumomi 13, da tallafin gwamnati tun daga farko. A duka ukun, kuɗin da talaka ke zubawa wani yanki ne kawai na abin da ake kashewa a kansa, kuma asusun ya yi faɗin da tiyata shida maimakon biyar ba ta girgiza shi. Saboda haka tambayar ko akwai wanda ke ƙara kuɗi a kan naku, gwamnati ce ko wata babbar ƙungiya, da kuma har yaushe za a ci gaba da ƙarawa, ta fi tambayar nawa ne kuɗin shiga muhimmanci. Asusun da ke tafiya da tallafin shekara uku zai iya ba ki jeri mai tsawo yau, ya yanke shi rabi ranar da tallafin ya ƙare.

Game da sabuntawa, ga yadda zan auna naku. Ki je taron mambobi, ko ki sami sakatare, ki nemi adadin waɗanda suka biya bara da na bana. In adadin na ƙaruwa ko yana tsaye, kuma bashin asibiti bai wuce wata ɗaya ko biyu ba, rashin maganin da kika gani abu ne da za a iya gyarawa, kuma ke mamba ce mai bakin magana a kai. Sannan ki karanta jerin da idonki, ki nemi abu biyu: kwanciya, da tiyatar gaggawa har da ta haihuwa, da iyakar kuɗin da aka sa wa kowanne. In suna ciki, ko da da iyaka, ki sabunta wa ku shida duka, musamman in akwai yara ƙanana ko mai shirin haihuwa, kuma ki yi kafin katin ya mutu don kada a sake sa ku jira. In kuwa babu kwanciya, babu tiyata ko ɗaya, mambobi na raguwa, asibiti kuma na bin bashin wata huɗu, to 18,000 ɗinku na sayen hidimar da ba ta wuce rabinsu ba, wadda ita ma ba ta da tabbas. A wannan halin ki tambaya ko akwai babban tsari na gwamnati ko na haɗakar ƙungiyoyi da ke karɓar masu sana'ar kansu, ku shiga can a ƙungiyance, domin da yawa suna sassauta sharuɗɗa ga waɗanda suka zo a dunƙule. Tiyatar da aka riga aka ce a yi kuwa, ki tambaya tun kafin ki biya ko sabon tsarin na karɓar ciwon da mutum ya shigo da shi, da kuma wata nawa za a jira, a rubuta miki amsar a takarda.